Kafin a ce wa iyaye su biya ta waya: yadda ake tsara gwajin manhajar kuɗin makaranta

A daren ƙarshe kafin komawa makaranta, wani magidanci ya buɗe manhajar makarantar 'yarsa, ya zaɓi kuɗin zangon farko, naira 45,000, ya shigar da lambar katinsa, ya latsa maɓallin biya. Alamar jira ta yi ta juyawa a fuskar wayar. Can sai ga alat daga banki cewa an cire kuɗi. Da ya koma manhajar, sai ta nuna masa har yanzu ana binsa naira 45,000. Washegari da safe yarinyar ta isa bakin ƙofar makaranta, mai gadi na riƙe da jerin sunayen waɗanda suka biya, kuma babu sunanta a ciki.

Wannan misali ne kawai, amma duk wanda ya saba tura kuɗi ta waya ya san irinsa. Abin lura shi ne babu wanda ya yi sata, banki bai yi ƙarya ba, kuɗin ma ba su ɓace ba. Wani ɗan saƙo ne da ya kamata ya tashi daga kamfanin da ya karɓi kuɗin zuwa manhajar makaranta ya maƙale a hanya, kuma masu gina manhajar ba su taɓa gwada abin da zai faru idan ya maƙale ba.

Takardar da ake rubutawa domin kada a manta da irin wannan gwaji ita ce tsarin gwaji. Tana amsa tambayoyi uku tun kafin a taɓa manhajar: me za a gwada, me ya fi haɗari idan ya lalace, kuma da wace hujja za a ce gwaji ya kammala.

Makarantar da za a yi misali da ita

Domin bayanin ya zauna, a ɗauka akwai wata sakandare mai zaman kanta a Kano, mai ɗalibai 600. Tana da manhajar Android da iyaye ke duba sakamakon jarrabawa da sanarwa a cikinta. Yanzu ana so a ƙara sashen biyan kuɗin makaranta. Ƙaramar sakandare na biyan naira 45,000 a zango, babbar sakandare na biyan naira 52,000. Ana iya biya gaba ɗaya, ko a raba har kashi uku, kuma wanda ke da yara uku a makarantar ana yi masa rangwamen kashi 10 cikin 100 a kan na ukun. Saura mako uku a koma karatu. Masu aikin su huɗu ne: masu rubuta manhaja biyu, mai gwaji ɗaya, sai akantan makaranta wanda shi ne zai zauna da sakamakon aikin, mai daɗi ko marar daɗi.

Akwai ƙa'idojin duniya kan yadda ake rubuta takardun gwaji. IEEE 829 ta daɗe ana amfani da ita, daga baya ISO/IEC/IEEE 29119-3, wadda ta fara fitowa a 2013, ta maye gurbinta. Manyan kamfanoni kan cike shafuka da yawa da su. Ƙaramar tawaga irin wannan shafi uku ko huɗu sun ishe ta, muddin shugaban makaranta da akanta za su iya karantawa su gane, su sa hannu. Takardar da mai gwaji kaɗai ke ganewa ba za ta raba gardama ba ranar da gardama ta tashi.

Iyakar gwaji: abin da ke ciki da abin da ke waje

Kuskuren da masu fara wannan aiki suka fi yi shi ne rubuta jimla ɗaya: za a gwada sashen biyan kuɗi. Wannan jimla ba ta ɗaure kowa ba. Mai rubuta manhaja zai fahimce ta a matsayin latsa maɓalli a ga ko ya yi aiki. Akanta kuwa zai ɗauka har da shigowar kuɗi asusun makaranta da daidaituwar littafinsa.

Hanyar da ta fi ita ce a bi kuɗin daga hannun uba har zuwa littafin akanta, a rubuta kowace tasha. Da farko manhaja ta lissafa abin da ake bin kowane ɗalibi, har da rangwame da bashin zangon baya. Sannan uba ya zaɓi yaro da adadin da zai biya. Daga nan manhaja ta miƙa shi ga kamfanin karɓar kuɗi, irin su Paystack ko Flutterwave, inda zai biya da kati ko ya tura kuɗi daga asusunsa na banki. Kamfanin ya sanar da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan makarantar, cewa an biya. Uwar garke ta rage bashin ɗalibin, ta fitar da rasit. A ƙarshe kuɗin su sauka a asusun makaranta, akanta ya gwada su da abin da manhaja ta rubuta. Tashoshi shida ke nan, kuma dukkansu suna cikin iyakar gwaji.

Tun a wannan mataki wasu tambayoyi kan fito fili waɗanda ba wanda ya amsa. Misali, kamfanin karɓar kuɗi yana cire ladansa. A farashin gama-gari da Paystack ya wallafa na biyan cikin gida, kashi 1.5 cikin 100 ne da ƙarin naira 100, kuma jimlar ba ta wuce naira 2,000. Idan da wannan farashi makarantar ke aiki, ladan naira 45,000 zai kama naira 775, abin da zai shiga asusunta kuma naira 44,225 ne. To wa zai ɗauki naira 775 ɗin, uba ko makaranta? Idan ba a rubuta amsar ba, mai gwaji ba zai san adadin da ya kamata ya gani a rasit ba, kuma wanda bai san amsar da yake jira ba, ba gwaji yake yi ba, kallo yake yi.

Sashe na biyu na iyakar gwaji shi ne jerin abubuwan da ba za a gwada ba, kuma ya kamata a rubuta shi da kulawa daidai da na farko. A wannan makaranta an cire biya ta USSD daga fitowar farko, an cire mayar da kuɗi kai tsaye ta manhaja, an kuma cire wayoyin iPhone tunda manhajar ba ta kansu. Haka nan ba za a gwada cikin na'urorin banki ko na kamfanin karɓar kuɗi ba, domin ba mallakar makaranta ba ne. Abin da za a gwada shi ne yadda manhajar ke ɗaukar duk amsar da suka turo, mai kyau ko marar kyau, ko ma shirun da suka yi.

Kowane abu da aka cire yana buƙatar layi biyu a gabansa: dalilin cire shi, da abin da za a yi a madadinsa. Idan babu mayar da kuɗi ta manhaja, to a rubuta cewa akanta ne zai mayar da hannu, a faɗi cikin kwana nawa. In ba haka ba, ranar da wani uba ya biya sau biyu, kowa zai nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Wayoyin da za a yi gwajin da su ma suna cikin iyaka. Wayar mai rubuta manhaja yawanci sabuwa ce, tana kuma kan intanet ɗin ofis mai ƙarfi. Iyaye da yawa kuwa suna riƙe da ƙananan Tecno, Itel ko Infinix da ma'ajiyarsu ta kusa cika, a unguwar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Tsarin gwaji ya ambaci aƙalla waya ɗaya irin wannan da sunanta, da sigar Android da ke kanta.

Haɗurra: inda za a zuba mafi yawan lokaci

Mutum ɗaya da ke da kwana goma na gwaji ba zai iya gwada komai daidai wa daida ba. Dole ya zaɓa, kuma sashen haɗurra ne ke sa zaɓin ya zama na hankali. Hanya mai sauƙi ita ce a ba kowane haɗari maki biyu daga 1 zuwa 3. Na farko, yaya yiwuwar faruwarsa. Na biyu, yaya munin ɓarnarsa idan ya faru. Sai a ninka su. Wanda ya sami 9 shi ne kan gaba, wanda ya sami 1 ko 2 yana iya jira.

Rubutu ya fita daga gefen allo a ƙaramar waya abu ne da zai faru sau da yawa, amma ba ya cin kuɗin kowa: 3 sau 1, maki 3. A cire kuɗi rasit bai fito ba kuwa, yana yawan faruwa a inda sabis ba shi da ƙarfi, kuma yana mayar da yaro gida: 3 sau 3, maki 9. Saboda haka a wannan makaranta kwana shida cikin goma sun tafi kan haɗurra huɗu kacal.

Na farko shi ne labarin magidancin can. Idan an gama biya, hanyoyi biyu ne labari ke isa ga makaranta. Ɗaya ita ce wayar uba ta dawo cikin manhaja ta ce an biya. Wannan hanya ba abin dogaro ba ce, domin caji na iya ƙarewa, data na iya yankewa, ko mutum ya rufe manhajar da zarar ya ga alat. Ɗaya hanyar ita ce kamfanin karɓar kuɗi ya aika saƙo kai tsaye zuwa uwar garken makaranta, ba tare da bi ta wayar kowa ba. A takardun kamfanonin ana kiran wannan saƙo `webhook`. Na Paystack, idan an taƙaita shi, kamar haka yake:

```json
{
  "event": "charge.success",
  "data": {
    "reference": "KM-0412-Z1-01",
    "amount": 4500000,
    "currency": "NGN",
    "status": "success"
  }
}
```

Gwajin da ya dace a rubuta a nan ba wuya gare shi. A fara biya, da zarar an shigar da lambar sirrin da banki ya turo, sai a sa wayar a yanayin jirgin sama. A jira minti biyu, a kunna data, a buɗe manhaja. Abin da ake so a gani shi ne bashin ya koma sifili, rasit yana nan. Sai a juya gwajin: a kashe uwar garke na minti goma a daidai lokacin da saƙon zai iso, sannan a kunna ta. Paystack yana sake turo saƙon idan bai sami amsar `200 OK` ba, amma manhaja mai kyau ba ta zama jira kawai. Ita ma takan tambayi kamfanin da kanta game da duk biyan da ya daɗe a rataye, ta adireshin `/transaction/verify/:reference`. Yayin da ake wannan jira, abin da uba ke gani a allo ma abin gwadawa ne. Idan allon ya ce biya bai yi ba alhali ana kan tantancewa, to manhajar da kanta ta tura shi ya sake biya.

Wannan ya kawo haɗari na biyu, wato ninkin biya, kuma fuska biyu gare shi. Tunda kamfanin kan sake turo saƙo, saƙon biya ɗaya na iya isowa sau biyu. Manhajar da ba ta duba lambar `reference` ba za ta rubuta wa ɗalibi naira 90,000 alhali 45,000 aka biya, makaranta ta yi asara ba ta sani ba. Mai gwaji zai tura saƙo iri ɗaya sau uku a jere, ya tabbatar sau ɗaya aka rubuta. Ɗaya fuskar ita ce uba ya latsa maɓalli sau biyu saboda allo ya tsaya, ko uwa da uba su biya wa yaro ɗaya daga wayoyi biyu a lokaci guda. A nan lambobin biyan daban ne, don haka duba `reference` ba zai kama shi ba. Dole manhajar ta lura cewa akwai biyan da ke rataye kan wannan bashi, ta gargaɗi na biyun. Idan kuma duka biyun sun riga sun wuce, ta rubuta rarar a gaban sunan ɗalibin inda akanta zai gani.

Haɗari na uku shi ne adadi. A saƙon da ke sama an rubuta `4500000`, domin Paystack da kwabo yake lissafi, kuma kwabo 100 ne naira ɗaya. Idan mai rubuta manhaja ya manta ya ninka da 100, za a caji uba naira 450 a ba shi rasit na cikakken zango. Akwai kuma matsalar rabawa. Naira 52,000 kashi uku ba ta rabuwa daidai: kowane kashi naira 17,333 da kwabo 33, jimlarsu ta gaza da kwabo ɗaya. Kwabo ɗaya ba kuɗi ba ne a kasuwa, amma idan manhaja tana fitar da sunan duk wanda bashinsa ya haura sifili, wannan kwabon ya isa ya sa ɗalibi cikin jerin waɗanda za a tsayar a ƙofa. Tsarin gwaji ya faɗi a kashi na nawa ake ɗora ragowar, ya kuma tanadi gwajin da zai tabbatar. Haka ma rangwame: yaro na uku a ƙaramar sakandare naira 40,500 ya kamata ya gani, kuma a gwada abin da zai faru idan babban yayansa ya gama makarantar suka koma su biyu.

A ƙarƙashin wannan haɗari ne ake gwada masu wayo. Idan wayar uba ce ke faɗa wa uwar garke adadin da za a biya, wani zai iya sauya shi a hanya ya biya naira 100. Uwar garke ce ya kamata ta lissafa adadin, ta kuma gwada shi da abin da kamfanin ya ce an biya. Saƙon biya ma ana iya ƙirƙirar na bogi. Shi ya sa Paystack ke haɗa kowane saƙo da sa hannu na sirri mai suna `x-paystack-signature`. Mai gwaji zai aika saƙon da babu wannan sa hannu, ko mai sa hannun da aka ɓata, ya tabbatar manhaja ta ƙi karɓa.

Na huɗu shi ne kuɗi ko bayani su je inda bai kamata ba. A makaranta mai ɗalibai 600, samun yara biyu masu suna ɗaya da sunan mahaifi ɗaya ba abin mamaki ba ne. Don haka a cikin bayanan gwaji da gangan ake saka irin waɗannan biyun, a aji ɗaya, a ga ko manhaja da lambar shiga makaranta take bambance su ko da suna. Sannan a gwada ko uba zai iya ganin rasit ɗin wani ta hanyar sauya lamba ɗaya a adireshin rasit ɗinsa. Wannan ya wuce batun kunya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma yi tanadi na musamman kan bayanan yara. Saboda wannan dalili ne ma ba a kwafo sunayen ɗalibai na gaskiya da lambobin wayar iyayensu zuwa wurin gwaji. Na ƙirƙira ake amfani da su.

Sharuɗɗan kammalawa: lambobin da ake rubutawa tun da wuri

Gwaji ba ya ƙarewa da kansa, domin kullum akwai wani abin da za a iya ƙara dubawa. Idan ba a ajiye ma'auni ba, kalanda ce za ta yanke hukunci: ranar komawa makaranta ta zo, sai a ce an gama. Sharuɗɗan kammalawa su ne ma'aunin, kuma amfaninsu yana ga rubuta su tun mako uku kafin ranar, lokacin da hankalin kowa a kwance yake.

Sharaɗi mai kyau shi ne wanda mutum biyu za su duba su ba da amsa ɗaya, i ko a'a. A ce manhaja ta yi aiki yadda ya kamata ba sharaɗi ba ne, fata ne. Akwai kuma wani sharaɗi da ke kama da na kirki amma tarko ne, wato a ce kashi 95 cikin 100 na gwaje-gwaje su yi nasara. A ɗauka gwaje-gwajen 120 ne. Idan 114 suka wuce, an cika kashi 95, amma shidan da suka faɗi suna iya haɗawa da na ninkin biya da na saƙon bogi. Lamba ta yi kyau a takarda, manhaja kuma tana zubar da kuɗi.

Maganin wannan shi ne a ɗaure sharuɗɗan da makin haɗari. A makarantar misali, 40 daga cikin 120 sun shafi haɗurran nan huɗu, kuma sharaɗin farko ya ce dukkansu arba'in sai an gudanar da su sun wuce, babu ragi ko ɗaya. Sauran 80 ne aka yarda 76 su wuce, huɗun da suka rage kuma a rubuta su da sunayensu.

Sharaɗi na biyu ya shafi kurakuran da aka gano ba a gyara ba. An kasa su mataki uku tun farko. Mataki na ɗaya shi ne duk abin da ke ɓatar da kuɗi, ya rubuta adadin da ba daidai ba, ko ya tona bayanin wani. Mataki na biyu shi ne abin da ke hana uba biya kwata-kwata. Mataki na uku shi ne abin da ke ba da haushi amma akwai hanyar kauce masa. Ba a yarda a fita da ko ɗaya na mataki na ɗaya da na biyu ba. Na uku kada su wuce biyar, kuma akanta ya ga jerinsu ya sa hannu. Fassara matakan tun da wuri na da muhimmanci, domin a daren ƙarshe akan sami mai son rage wa babban kuskure daraja don a samu a wuce.

Sharaɗi na uku shi ne daidaita lissafi. A yi biyan gwaji 200 masu adadi daban-daban, wasu su yi nasara, wasu su faɗi, wasu a yanke su a tsakiya. Daga nan a gwada abin da manhaja ta rubuta da abin da shafin kamfanin karɓar kuɗi ya nuna. Bambancin da aka yarda da shi sifili ne, har zuwa kwabo. Ɗaya daga cikin tambayoyin da ake yi wa rumbun bayanai a nan ita ce:

```sql
SELECT reference, COUNT(*)
FROM payments
GROUP BY reference
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Idan ko layi ɗaya ya fito, an rubuta biya ɗaya sau biyu, kuma sharaɗin bai cika ba. Wajen wannan daidaitawa akan ci karo da matsalar agogo. Najeriya tana gaban agogon UTC da awa ɗaya, kuma uwar garke da yawa da UTC suke aiki. Biyan da aka yi ƙarfe 12:30 na dare a Kano zai faɗa jerin jiya a wani littafi, jerin yau a wani, sai jimlar rana ta ƙi haɗuwa alhali babu kwabon da ya ɓace.

Sharaɗi na huɗu cunkoso ne. Iyaye ba sa biya a warwatse cikin zango, a kwana biyu ko uku kafin komawa ake turmutsitsi. Don haka aka rubuta cewa manhaja ta ɗauki biya 100 a lokaci guda ba tare da ta rasa ko ɗaya ba.

Sharaɗi na ƙarshe ya taso ne daga iyakar da gwajin kansa ke da ita. Kamfanonin karɓar kuɗi suna ba da wurin gwaji da katunan wasa. A Paystack makullin gwaji yana farawa da `sk_test_`, na gaske kuma da `sk_live_`. A wurin gwaji amsa na dawowa da sauri kuma a tsabtace, babu bankin da ke jinkiri, babu kuɗin da ke sauka a asusun kowa. Saboda haka kafin a buɗe wa kowa, sai iyaye 20 da suka amince sun biya da kuɗin gaske cikin kwana uku, akanta ya ga kuɗin a takardar bayanin asusun makaranta bayan an cire ladan kamfani, ya ce lissafi ya haɗu.

Idan rana ta zo sharaɗi bai cika ba

A ɗauka saura kwana biyu a koma makaranta. Gwaje-gwaje 39 cikin 40 sun wuce. Wanda ya faɗi na tura kuɗi daga banki ne: idan uba ya turo adadin da ya gaza abin da aka nema, manhaja na rubuta masa cikakken biya. Kuskuren mataki na ɗaya ne, kuma gyaransa da sake gwada shi zai ci kwana huɗu.

Tsarin gwaji mai kyau ya riga ya faɗi wa ke da ikon yanke hukunci a irin wannan hali, kuma ba mai gwaji ba ne. Aikinsa ya ajiye hujja a gaban shugaban makaranta da akanta. Zaɓi uku ne a gabansu. Ko a ɗage fitowar baki ɗaya, iyaye su ci gaba da kai takardar banki ofis kamar yadda aka saba. Ko a rage iyaka, a fitar da biya ta kati kaɗai tunda duk gwajinsa ya wuce, a kulle hanyar tura kuɗi har sai an gyara. Ko kuma a fita da kuskuren da saninsu, wanda ya yanke hukuncin ya rubuta sunansa a ƙarƙashi. Abin da takardar ta haramta shi ne zaɓi na huɗu, wato a koma a goge sharaɗin a ce dama ba shi da muhimmanci.

A wannan misali zaɓi na biyu ne ya fi sauƙin ɗauka, kuma ya yiwu ne saboda tun a sashen iyaka an rubuta kati da tura kuɗi a matsayin hanyoyi biyu daban, kowace da gwaje-gwajenta da maɓallin kashe ta daga ofis. Da a dunƙule aka rubuta su, da babu yadda za a san wane ɓangare ne lafiyayye.

Shafin ƙarshe na takardar ya tanadi makon farko bayan fitowa. Kowace safiya akanta zai buɗe jerin biyan da suka wuce minti 30 a rataye, ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a buga ƙararrawar shiga aji. An kuma rubuta umarni ga mai gadi da malamin da ke tsayawa a ƙofa: duk ɗalibin da ya zo da shaidar an cire kuɗi daga asusun iyayensa a bar shi ya shiga aji, a tura maganarsa ofishin akanta.